Gyaran tsohuwar maƙalarmu ta rajistar JAMB: abin da muka sabunta, muka haɗe, muka goge

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Tun 2020 babu maƙalar da take kawo mana masu karatu kamar ta yadda ake rajistar JAMB. Bana kuwa ta yi sanyi, kuma muna so mu gyara ta kafin a buɗe rajistar 2025, domin a 'yan makonnin rajista ne kaɗai ake neman ta da gaske. In muka bari sai Janairu, kafin Google ya sake karanta ta ya yanke mata matsayi, rabin lokacin ya wuce.

Yau ban taɓa ko harafi ɗaya a cikinta ba. Na so in fara tabbatar da cewa faɗuwar ta gaske ce. Maƙala irin wannan tana da damina da rani, don haka duk wanda ya kwatanta Oktoba da Fabrairu zai ga kamar gini ya rushe, alhali lokacinta ne bai zo ba. Kwatancen da ke da ma'ana shi ne wata da takwaransa na bara. Nan kuma aka ci karo da iyakar Search Console, kayan aikin Google da ke nuna yadda shafi ke fitowa a bincike: watanni 16 kawai yake ajiyewa. Daga yau in an koma baya, a Yulin 2023 ake tsayawa, wato rajistar 2023 ta fita daga ciki. Tsohon Google Analytics ma ba zai taimaka ba, tun 1 ga Yulin 2023 ya daina ƙirga, kuma a Yulin bana aka rufe damar duba tsofaffin bayanansa. Abin da ya cece mu shi ne abokiyar aikina tana da ɗabi'ar sauke bayanan Search Console lokaci zuwa lokaci ta adana, kuma akwai wanda ta sauke a Maris. A cikinsa muka samu Janairu da Fabrairu na shekarun biyu, kuma duka biyun a tsakiyar Janairu aka buɗe rajista, saboda haka kwatancen ya zauna.

Faɗuwar ta gaske ce. Waɗanda suka danno maƙalar daga Google a rajistar 2024 ba su kai rabin na 2023 ba. Amma adadin dannawa shi kaɗai ba ya faɗin dalili, sai an ɗora shi a kan sauran ukun da ke shafin Performance: Impressions, wato sau nawa aka nuna ta, da Average position, wato matsayinta a jerin sakamako, da CTR, wato kason waɗanda suka danna cikin waɗanda aka nuna wa. In nunawa ta ragu matsayi bai motsa ba, mutane ne suka rage tambayar, kuma ba gyaran da zai dawo da su. In matsayi yana nan amma CTR ya sauka, matsalar ta taken maƙalar ce ko ta abin da Google ya ɗora a samanmu. Namu ba haka ba ne. Nunawa ta ragu kaɗan, amma matsayi ya zame daga wajen na uku zuwa wajen na tara. Masu tambaya suna nan, mu ne muka koma ƙasan shafi inda mai waya ba ya kaiwa.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na gano inda ruwan yake zurarewa, kuma a cikin gida ne.

A Search Console na sa matatar Query a kan babbar tambayar da ake zuwa mana da ita, `yadda ake register jamb`, sannan na buɗe Pages. Adireshi huɗu namu suka fito a kan tambaya ɗaya. Ga tsohuwar ta 2020 mai adireshi `/yadda-ake-rajistar-jamb/`, ga kuma uku da aka rubuta daga baya, ɗaya duk shekara, kowace da shekararta a jikin adireshi: 2022, 2023, 2024. Haka yawancin shafukan ilimi suke yi, da an sanar da ranar rajista sai a buɗe sabuwar maƙala, saboda ya fi sauƙi kuma yana ba da abin turawa a WhatsApp. Da na danna kowane adireshi na dubi zanen kwanakinsa, sai na ga suna karɓeɓeniya. Mako guda tsohuwar ce ke fitowa, mako na gaba ta 2023, wani lokaci ta 2024 ta leƙo kwana uku ta ɓace. Babu wadda ta zauna a sama.

Fitowar adireshi biyu a kan tambaya ɗaya ba laifi ba ne a kan kansa. Akan samu shafi ɗaya ya riƙe matsayi biyu a jere, kuma wannan riba ce. Alamar cutar ita ce musanyar nan, tare da cewa in an tara dannawar huɗun gaba ɗaya, ba ta kai abin da tsohuwar ita kaɗai take samu a da ba. Wannan jimilla na rubuta ta a gefe, domin da ita za mu auna sakamako, ba da adadin tsohuwar kaɗai ba. Wanda ya haɗe maƙala huɗu sannan ya yi murna don ta ɗaya ta ƙaru, bai auna komai ba.

Daga nan na karanta huɗun a waya, kamar yadda ɗalibi zai karanta. Tsohuwar ta fi bayani da tsari, amma a tsakiyarta har yanzu tana cewa a tura suna, sunan mahaifi da na tsakiya zuwa 55019 don a samu profile code, lambar da ake fara rajista da ita. Wannan hanyar ta ƙare tun 2021, lokacin da aka wajabta NIN. An liƙa wani sakin layi a samanta yana cewa yanzu sai da NIN, amma matakan da ke ƙasa suna nan yadda suke, saboda haka maƙalar tana musun kanta. Sababbin ukun suna da matakan daidai, amma gajeru ne, rabinsu ranaku da kuɗi, kuma sakin layi da yawa kwafin juna ne. Wato ɗaya tana da zurfi ba ta da gaskiyar yau, uku suna da gaskiyar shekararsu ba su da zurfi. Wannan ya fi damuna fiye da lissafin Google. Ina tunanin yaron da ya tura sunansa, aka cire masa kuɗin kira, ya zauna yana jiran amsar da ba za ta zo ba, saboda abin da ya karanta a wajenmu.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mun zauna da abokiyar aikina muka jera duk abin da muka taɓa rubutawa a sashen jarrabawa da neman aiki. A gaban kowace maƙala mun rubuta abu uku: tambayar da take amsawa a jimla ɗaya, dannawar da ta samu a watanni goma sha biyu cikakku, da ko akwai wani shafin waje da ya sa mahaɗinta, wanda ake gani a Links ƙarƙashin Top linked pages. Watanni goma sha biyun dole ne, don kada mu yanke wa maƙalar damina hukunci da lissafin rani.

Layin farko shi ya yi mana yawancin aikin. Da zarar an tilasta wa kai rubuta tambayar a jimla ɗaya, sai a ga waɗanda jimlarsu ta zo iri ɗaya, su ne na haɗewa. Wadda tambayarta ke raye amma amsar ta tsufa, ta sabuntawa ce. Wadda tambayar kanta ta mutu, sai a duba ko akwai mai zuwa ko mai nuni gare ta kafin a yi maganar gogewa.

Mun yi gardama a kan maƙalar profile code. Ni da fari na sa ta cikin na haɗewa, tunda samun lambar shi ne matakin farko na rajista. Ta ce, "Malam, duba abin da suke rubutawa kafin su zo mata." Na sa matatar Custom (regex) kamar haka:

```
profile ?code|55019|66019
```

Mafi yawan tambayoyin da suka fito na wanda ya riga ya gwada ne abin ya ƙi: lambar ba ta zo ba, an turo saƙon kuskure, layin ya ɓata, an taɓa amfani da layin. Mai irin wannan tambaya ba ya son a fara masa daga mene ne JAMB. Yana tsaye ne a bakin cibiya yana son amsa a layi biyar na farko. Hujjarta ta fi tawa, mun bar ta da kanta, za a sabunta ta, babbar maƙalar kuma ta yi nuni gare ta. Haka ma ta Direct Entry, mutanenta daban ne, masu NCE da difloma, takardun da ake nema gare su ma daban.

Wani abu da ya kamata mai shafin Hausa ya sani: in ka tara dannawar da ke ƙarƙashin Queries, ba za ta kai jimillar da ke sama ba. Google yana ɓoye tambayoyin da mutane kaɗan ƙwarai suka yi, don kare sirrinsu. Mu kuwa masu karatunmu kowa da yadda yake rubuta tambayarsa, wani da Hausa zalla, wani ya gauraya, wani ya cinye wasula, don haka kaso mai tsoka na tambayoyinmu yana cikin ɓoyayyun. Shi ya sa ban yarda a goge maƙala don kawai jerin Queries ɗinta ya zo fayau ba. Adadin da ke Pages shi ne abin dubawa.

Wadda za ta rayu a cikin huɗun ita ce tsohuwar. Adireshinta ba shi da shekara, ita ce shafukan waje suka fi nunawa, ita ce kuma ta fi daɗewa tana yawo a Facebook.

Talata, 12 ga Nuwamba

Jiya Google ya sanar da fara November 2024 core update, wato babban sauyi a yadda yake jera sakamakon bincike. Irin wannan yakan ɗauki makonni, kuma matsayi yakan yi ta hawa da sauka kafin ya lafa. Mun tattauna ko mu dakata. In muka canza abubuwa yanzu, duk abin da ya biyo baya ba za mu iya rantsuwa cewa gyaranmu ne ya jawo shi ba. In muka jira kuma, muna cin lokacin da Google ke bukata ya narkar da haɗewar kafin rajista. Na zaɓi ci gaba. Umarnin da ke cikin maƙalar ba daidai ba ne, kuma wannan ba ya jiran kowa. Abin da muka yi shi ne ware wasu maƙaloli na sashen da ba za mu taɓa su ba, kamar ta duba sakamakon WAEC da ta NECO, su zama ma'auni. In suka tashi ko suka faɗi tare da wadda muka gyara, mun san iska ce ta kaɗa kowa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An gama sabon rubutun. Ya ɗauki lokaci fiye da yadda na zata, kuma yawancin lokacin ya tafi ne a kan shawarar abin da za a jefar.

Ban liƙa maƙaloli huɗu a jere ba. Na buɗe sabon daftari, na rubuta matakan da tsarinsu na gaskiya, sannan na bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya ina ɗauko abin da babu shi a daftarin. Daga ta 2022 na ɗauki bayanin cewa layin wayar dole ya zama na ɗalibin shi kaɗai, wanda wani bai taɓa yin rajista da shi ba, kuma ya riƙe shi har bayan samun gurbi domin saƙonni ta nan suke zuwa. Daga ta 2023 na ɗauki sashen jarrabawar gwaji. Ta 2024 kusan babu abin da ta ƙara ban da ranaku. Sharhin masu karatu da ke ƙarƙashin huɗun ya fi maƙalolin kansu amfani, domin tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: sunana a NIN bai yi daidai da na takardar makaranta ba, ya zan yi? Babu ɗaya cikin huɗun da ta amsa wannan. Yanzu yana da sashensa tun kafin matakin farko, inda muka bayyana cewa suna da ranar haihuwa daga bayanan NIMC ake ɗauko su kai tsaye, don haka gyara a can ake yin sa, kuma kafin a nemi profile code, ba bayan an biya kuɗi ba.

Matakin tura saƙo na rubuta shi yadda za a buga shi a waya, da tazara ɗaya tsakanin kalmar da lambobi goma sha ɗaya, zuwa 55019 ko 66019:

```
NIN 00000000000
```

Na kai daftarin wurin wani da ke aiki a cibiyar CBT a unguwarmu, ya karanta a wayata yana gungurawa da babban yatsa. A wuri biyu ya tsaya. Na farko ya ce in ƙara cewa kuɗin kira ake cirewa, wanda ke da data kawai saƙonsa ba zai tafi ba, kuma kullum sai ya faɗa wa yara wannan. Na biyu ya ce in fito da maganar cewa a cibiyar da aka amince da ita kaɗai ake rajista, in sa ta sama, kada in bar ta a ƙarshe, domin wanda ya kai ƙarshen maƙala ya riga ya ba wani kuɗinsa. Duka biyun na gyara a wurin.

Canjin da na fi sa rai da shi na tsari ne. Duk abin da ke canzawa shekara shekara, wato ranar buɗewa da rufewa, kuɗin e-PIN, ranar jarrabawa da littafin da aka wajabta karantawa, na tattara shi a akwati ɗaya a saman maƙalar, da ranar da aka duba shi a rubuce. Jikin maƙalar ba shi da shekara ko adadin kuɗi ko ɗaya. Badi akwatin kawai za a canza, babu dalilin buɗe sabuwar maƙala. A yanzu akwatin yana cewa ba a sanar da ranakun 2025 ba tukuna. Na ga wasu shafuka sun riga sun sa 2025 a take da ranakun bara a ciki. Wannan yaudarar ɗalibi ce, ba za mu yi ba.

Adireshi ban taɓa shi ba. Take na gyara kaɗan, ya ambaci NIN da profile code. Ranar wallafa ta asali tana nan, an ƙara ranar sabuntawa a fili, tunda kusan duka rubutun ne ya canza. Canza rana ba tare da canza abin da ke ciki ba shi ne abin da Google ya yi gargaɗi a kai, kuma mai karatu ma yakan gane.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Yau aka yi haɗewa da gogewa. Kafin komai mun ɗauki kwafin rumbun bayanan shafin gaba ɗaya. An wallafa sabon rubutun a tsohon adireshi, sannan aka sauke ukun, aka tura adireshinsu gare shi da 301, wato turawa ta dindindin. Namu a `.htaccess` muka sa, a saman layin `# BEGIN WordPress`, domin abin da ke tsakanin wannan layi da na `# END WordPress` WordPress yana iya sake rubuta shi ya share abin da aka ƙara:

```
Redirect 301 /rajistar-jamb-2022/ /yadda-ake-rajistar-jamb/
Redirect 301 /rajistar-jamb-2023/ /yadda-ake-rajistar-jamb/
Redirect 301 /rajistar-jamb-2024/ /yadda-ake-rajistar-jamb/
Redirect gone /rajistar-npower-batch-c/
```

Kowane cikin ukun farko na gwada shi da `curl -I`, ina duba abu biyu: lambar ta zama 301 ba 302 ba, kuma layin `Location` ya nufi inda ake so kai tsaye, ba ta wani adireshin ba. Burauza ba abin dogaro ba ce a nan, tana riƙe tsohuwar turawa a ƙwaƙwalwarta ta nuna maka abin da ba shi ne a sabar shafin ba. Waɗannan layuka za su zauna. Google yana ba da shawarar a bar turawa aƙalla shekara guda, amma mahaɗan da ke cikin tsofaffin saƙonnin WhatsApp ba su san shekara ba, don haka ba ni da niyyar cire su.

Bayan nan sai aikin da ba a so, bin duk maƙalar da ke nuni ga ukun a canza mahaɗin ya nufi babbar kai tsaye. Turawar za ta kai mutum, amma barin mahaɗan cikin gida suna nuni ga adireshin da aka rufe yana ci gaba da gaya wa Google cewa suna da muhimmanci. Na duba taswirar shafi ma, ukun sun fita. Hotuna biyu da na ɗauko daga ta 2023 suna nan a Media Library, goge maƙala ba ya tafiya da hotunanta. Daga ƙarshe na sa babbar a URL Inspection na danna Request indexing.

Layi na huɗu shi ne na gogewa. Maƙala ce ta yadda ake cike fom ɗin N-Power Batch C, wanda aka buɗe a Yunin 2020. An rufe fom ɗin tuntuni, an kuma dakatar da shirin kansa a Oktoban 2023. Babu shafin waje da ke nuna ta, dannawarta ta shekara ba ta taka kara ta karya ba, kuma sharhin da ke ƙarƙashinta ya cika da masu ajiye lambar waya suna alkawarin sa mutane a shirin in an biya su. Barin ta cutarwa ce. Abokiyar aikina ta so a tura ta shafin farko don kada a yi asarar mai zuwa. Na ƙi, saboda wanda ke neman fom ɗin N-Power ya tsinci kansa a shafin farko bai samu komai ba, kuma Google yakan ɗauki irin wannan turawa marar dangantaka a matsayin Soft 404, kamar shafin da babu shi, wato ko ta ɓangaren matsayi babu ribar da ake ci. Lambar 410, wadda `Redirect gone` ke bayarwa, tana faɗin gaskiya, abin ya tafi kuma da gangan. A aikace Google yana ɗaukar 404 da 410 kusan ɗaya, na fi son 410 ne don wanda zai duba shafin bayanmu ya san ba kuskure ba ne.

Akwai 'yan gajerun labarai na ƙarin wa'adin rajista na shekarun baya da abokiyar aikina ta sa a jerin gogewa. Waɗannan na bar su. Labari ne mai ranarsa a jiki, bai yi ƙarya ba, kuma ba ya fitowa a kan tambayar da muke nema. Rashin masu karatu kaɗai bai isa dalilin goge abu ba. Layi ɗaya muka ƙara a saman kowane, cewa wannan na shekara kaza ne, ga inda bayanin yanzu yake.

Juma'a, 13 ga Disamba

A rahoton Pages na ɓangaren Indexing, ukun sun koma ƙarƙashin Page with redirect, wanda shi ne daidai, ba kuskuren da za a gyara ba. Na sake sa matatar babbar tambayar, yanzu adireshi ɗaya ne ke fitowa. Musanyar ta tsaya, kuma wannan kaɗai zan iya cewa aikinmu ne ba tare da shakka ba.

Matsayi ya ɗan hau, amma ba na ɗora komai a kansa. Sabuntawar Nuwamba ta ƙare ranar 5 ga wata, jiya kuma aka fara ta Disamba. Ga shi masu tambayar kaɗan ne a wannan lokaci, kuma Average position da aka gina a kan nunawa kaɗan yakan yi tsalle da ƙaramin abu. Maƙalolin ma'auni su ma sun motsa, ta WAEC sama, ta NECO ƙasa. An sabunta ta profile code a makon nan, kowane saƙon kuskure da ƙaramin takensa da abin yi a ƙasansa.

Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025

An buɗe rajista ranar Litinin 3 ga Fabrairu, bayan an ɗaga daga 31 ga Janairu. Akwatin da ke sama ya nuna amfaninsa a nan: sau biyu muka gyara ranar da ke cikinsa, kowane cikin 'yan mintuna, ba a buɗe sabuwar maƙala ba. Shekarar 2025 ta shiga take ranar da aka cike akwatin da bayanan gaske.

Na jira zuwa yau saboda bayanan Search Console suna makara da kamar kwana biyu. Kwatanta wata da wata ba zai yi ba bana, tunda bara ranar 15 ga Janairu aka fara. Don haka a Compare na zaɓi Custom, na sa makon farko da makon farko: 3 zuwa 9 ga Fabrairun bana, da 15 zuwa 21 ga Janairun 2024, da matatar Najeriya da ta waya. Dannawar maƙalar ɗaya ta haura jimillar huɗun na bara, da wajen kashi ɗaya cikin uku. Matsayi yana tsakanin na huɗu da na biyar. Bai koma na uku ba, dannawar ma ba ta kai ta 2023 ba. Ta profile code ce ta ba ni mamaki, ta ninka nata na bara, kuma yawancin masu zuwa mata daga Google suke kai tsaye, abin da ya tabbatar da cewa haɗe ta da ya zama asara.

CTR ne bai gamsar da ni ba. A matsayi na huɗu ya kamata ya fi haka. Na buga tambayar a waya ta hanyar Incognito, sai na ga bidiyoyi sun cika saman shafin kafin a kai ga rubutu na farko, kuma guntun bayanin da Google ya ciro a ƙarƙashin takenmu daga sashen gyaran suna yake, ba daga akwatin ranaku ba. Bidiyoyin ba su hannunmu. Guntun bayanin kuwa za a iya taimaka masa, ko da yake Google ne ke zaɓa: na sake rubuta jimlar farko ta maƙalar ta faɗi ranar buɗewa da ta rufewa da abin da ake bukata, na daidaita meta description da ita. Take ba zan taɓa shi ba sai an ga tasirin wannan, don kada canji biyu su haɗu mu rasa wanda ya yi aiki.

Za a rufe rajista ranar 8 ga Maris. Washegari akwatin zai koma cewa an rufe, ya nuna maƙalar buga takardar shiga jarrabawa. Bayan nan za mu sauke bayanan lokacin gaba ɗaya mu adana, sannan mu koma kan maƙalolin duba gurbi a CAPS, tsarin JAMB na ba da gurbin karatu, inda jerin 9 ga Nuwamba ya nuna uku suna amsa tambaya ɗaya, kuma duka ukun suna da shekara a adireshinsu, don haka sai an fara yanke shawarar ko a riƙe mafi ƙarfinsu da shekararta ko a buɗe sabon adireshi a tura ukun gare shi.